Motar Alhamis Da Ciwon Sugan Baffa

A ƙauyukan arewacin Jigawa da ke dab da iyakar Nijar, kasuwa ce ke da mota. Kasuwar Maigatari ranar Alhamis take ci, kuma saboda ita ne akori-kura ke shiga ƙauyuka ta kwaso tumaki, awaki, buhunan riɗi da zoɓo. Mutum kuwa cikon kaya ne. A ƙauyen da aka yanke wa mahaifina cibiya, ranar ce kaɗai za ka kwanta da tabbacin cewa gobe akwai mota. Sauran kwanakin mako sai dai tsautsayi ko sa'a: wata ta kawo taki, wata ta kawo 'yan biki, ka bi ta in ta ga dama. Tsakanin ƙauyen da bakin kwalta kilomita kamar 15 ne na rairayi, daga nan kuma sai ka sake wata motar zuwa garin da babban asibitin yankin yake.

A da akan sami ƙaramar mota tana leƙowa tsakiyar mako. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 ta ɗauke ƙafa. Litar da ba ta kai naira 200 ba kafin ranar ta haura naira 1,000 a wurare da yawa kafin ƙarshen 2024, kuma a ƙauye ba a gidan mai ake sha ba, wurin ɗan bumburutu ne, da ribarsa a kai. Direban da zai shigo rairayi da mutum uku ya koma da biyu ya san asara zai tafka. Saboda haka ba ya shigowa.

Cikin hunturu na je ƙauyen don in kai ƙanin mahaifina asibiti. Baffa ya jima da ciwon suga, kuma wani ɗan gyambo ya fito masa a ƙasan babban yatsan ƙafa ya ƙi warkewa. Malamin asibitin sha-ka-tafi na ƙauyen ya wanke, ya ɗaure, ya rubuta takardar turawa. Ya ce likita zai so ya ga awon sugan da ake yi kafin a karya kumallo, wato mutum ya yi aƙalla awa takwas bai sa komai a bakinsa ba sai ruwa. Ya kuma ja kunne cewa kada Baffa ya sha ƙwayar safe sai an ɗebi jini ya ci abinci.

Wannan sharaɗi mai sauƙi ne ga mutumin birni. Ya tashi, ya hau babur, ƙarfe takwas an ɗebi jininsa, ya sayi ƙosai a bakin ƙofar asibiti. Ga wanda motarsa ba ta da lokacin tashi, shi ne wuyar tafiyar baki ɗaya.

Daren Laraba na je gidan direba. Haka ake yi, kuma duk wanda zai kai marar lafiya ya riƙe wannan: ba a tarar motar kasuwa da safe, tun dare ake kama wuri. Na biya kuɗin mutum biyu a gidan gaba, wanda ya fi na baya tsada, domin ƙafar Baffa ba za ta jure cunkoson baya ba inda tunkiya ke iya taka mutum ko buhu ya zame masa. Na tambaye shi ƙarfe nawa za mu tashi.

"Ana sallame asuba, in Allah ya yarda," in ji shi.

Ba ƙarya ya yi mini ba, niyyarsa ke nan. Amma motar ba a hannunsa kaɗai take ba. Kuɗin da zai samu a kan raguna da buhuna ya ninka wanda zai samu a kan mutane, don haka mai kaya shi ake jira. Mun fito daga masallaci muka tarar an fara lodi, buhunan riɗi a ƙasa, an ɗaure da igiya. Sai aka ce wani mai raguna daga ruga yana hanya. Sai yaron mota ya ga ƙafar baya ta yi sanyi, aka nemo famfo. Sai aka ce wata tsohuwa da ta biya tun jiya ba ta gama ƙulla daddawarta ba. Kowane jira ɗan ƙarami ne, babu wanda za ka ɗaga wa murya a kansa. Ko da muka bar ƙauyen hantsi ya dubi ludayi.

Tafiyar rairayi tana da nata ilimin. Direba ba ya son tsayawa, domin motar da ta tsaya cikin yashi mai laushi da kaya a bayanta ba lalle ta tashi ba. Yana bin sawun da wata motar ta bari, yana riƙe da giya ta biyu, injin na kuka. Inda hanya ta rabu biyu, ɗaya ta amalanken shanu ce da ta yi zurfi a gefe ta bar tudu a tsakiya, ya kauce mata don kada cikin mota ya zauna a kan tudun. Duk da haka mun kafe a wani kwari. Maza suka sauko, yaron mota ya rage iskar tayoyin baya don su shimfiɗu a kan yashi, aka tone gabansu da hannu, aka cusa karan gero da reshen sabara, aka tura. Baffa bai sauka ba. Ina kallonsa ta madubi yana jan carbi, ya lulluɓe kansa da rawani saboda ƙura.

A mararrabar da hanyarmu ta haɗu da kwalta muka sauka, domin akori-kura kasuwa ta nufa, mu kuma asibiti yana ɗaya ɓangaren. Kafin ta wuce na yi abin da dattawan ƙauyen suka koya mini: na biya direba kuɗin komawa tun a lokacin, na karɓi lambar wayarsa da ta yaron motarsa. Dalili shi ne da yamma motar za ta taso daga kasuwa maƙil da gishiri, buhunan taki, kwanon rufi da mutanen da suka sayar da dabbobinsu. In ba a ajiye maka wuri tun daga can ba, za ta wuce ka a mararraba kana ɗaga hannu, direba na ɗaga maka nasa yana ba ka haƙuri.

A nan na ga wani abu da ban taɓa lura da shi ba sai da na tsaya da marar lafiya. Safiyar kasuwa motoci sun cika titi, amma duk hanya ɗaya suka dosa. Masu komawa baya kaɗan ne, domin wanda ya kai kasuwa ya fi son ya jira lodin dawowa. Akwai wata ƙaramar mota a gindin darbejiya tana lodin cikin gari. Irinta mutum shida take ɗauka, biyu gaba huɗu baya. Mu ne na uku da na huɗu. Ɗan kamasho yana ta kiran "saura mutum biyu", babu mai zuwa.

Muna zaune a benci kusa da teburin mai shayi sai na ga gumi yana tsattsafo wa Baffa a goshi. Iskar hunturu na kaɗawa, kowa ya takure, shi kuwa gumi. Carbin hannunsa yana rawa. Na yi masa magana ya amsa mini da abin da ban tambaya ba.

"Baffa, ka sha maganinka da safe?"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, shekara nawa ina sha bayan asuba? Hannu ne ya kai."

Magungunan suga na sha ba iri ɗaya ba ne. Akwai metfomin, wanda shi kaɗai ba kasafai yake kayar da suga ƙasa da ƙima ba. Akwai kuma irin su gilibenkilamayid, masu tilasta wa jiki ya fitar da insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba. Irin na biyun Baffa yake sha. Rabonsa da abinci tun tuwon bayan isha'i, ga jijjigar hanya, ga sanyi, ga rana ta ɗaga. Alamomin faɗuwar suga su ne waɗanda nake gani: gumi ba zafi, karkarwa, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, ruɗewar magana. In aka auna aka ga ƙasa da 3.9, ko ƙasa da 70 a na'urar da ke ƙirga da manyan lambobi, to ya faɗi. A mararraba babu na'ura, kuma ba a jiran ta. Suga mai yawa yana ɓarna a hankali cikin watanni da shekaru, wanda ya faɗi kuwa yana iya sumar da mutum cikin ɗan lokaci.

Na ce wa mai shayi ya zuba sukari cokalin shayi huɗu a rabin kofin ruwan ɗumi. Baffa ya kawar da kai.

"An ce kada in ci komai. Kuɗin mota fa? Mu zo har nan a banza?"

"Baffa, awo ya lalace a sake wani. Sha."

Mai shayin ma ya sa baki: "Baba, daure ka sha, ka ga yadda kake rawa kuwa?"

Ya sha. Bayan kamar kwata na awa gumin ya tsaya, idonsa ya dawo daidai, ya fara faɗan an ɓata masa azumi. Na saya masa burodi da ƙwai ya ci, domin ruwan sukari ɗaga mutum yake na ɗan lokaci, ƙwayar kuma tana nan tana aiki a jiki har tsawon yini, sugan na iya sake faɗuwa in ba a bi da abinci mai riƙe ciki ba. Abu guda da ya kamata kowa ya sani: wannan dabara ta mai iya haɗiya ce. Wanda ya riga ya suma ba a ɗura masa komai a baki, sai a kwantar da shi ta gefe a nemi asibiti da duk abin hawan da aka samu.

Daga nan ban ƙara jiran mutum biyun ba. Na biya kuɗin kujerunsu muka tashi. Mutane kan ji tsoron wannan, suna ɗauka shata ce, alhali da bambanci. Shata ita ce ka ɗauke motar baki ɗaya, direba ya yanka maka kuɗin mutum shida, sau da yawa har da na dawowarsa ba kowa. Cike gurbi kuwa kuɗin kujerun da suka rage kaɗai za ka biya, kuma sauran fasinjoji in suna sauri sukan kama maka. Wata mata mai goyo da ke bayanmu ta miƙo rabin kuɗin kujera ɗaya ba tare da an roƙe ta ba. Ita ma asibitin za ta, yaron ya kwana biyu da zazzaɓi tana jiran Alhamis.

Mun isa asibiti rana ta kusa tsaka. In ka yi sammako wani a tafe ya kwana: layin kati ya riga ya miƙe, mutanen gari da suka zo tun sassafe har sun fara fitowa da ledar magani. Takardar turawa ta taimaka, haka ma tsohon katin Baffa da matarsa ta ƙulle masa a leda. Wanda ya bar katinsa a ƙauye sai ya sake yankar wani, ya sake biya, kuma bayanin zuwansa na baya ya ɓace wa likita.

Wajen ma'aikaciyar jinya Baffa ya so ya ɓoye maganar shayi. Ya raɗa mini cewa in muka faɗa za a ce mu koma mu dawo. Na faɗa mata komai, da ƙwayar da lokacin da ya ci burodi. Ta ce gara da muka faɗa. Awon kafin karin kumallo ana karanta shi da ma'auninsa, inda 7.0 zuwa sama ke nuna ciwon. In aka auna wanda ya ci abinci aka rubuta cewa bai ci ba, lambar za ta fito sama, likita ya zaci maganin ya gaza ya ƙara masa ƙarfi, dattijo ya koma ƙauyen da babu mota da ƙwayar da za ta fi kayar da shi. Ta soki yatsansa ta auna, ta rubuta lambar, ta rubuta a gefe cewa ya ci abinci da kuma abin da ya faru a hanya.

Likitan ya fi daɗewa a kan ƙafar. Ya kwance bandeji, ya danna gefen gyambon ya ga ko akwai ruwa a ciki, ya taɓa bayan ƙafar yana neman bugun jijiya, ya sa Baffa ya rufe ido yana taɓa tafin yana tambayarsa ko ya ji. Wurare da dama bai ji ba. Ya ce abin da ya sa ƙaya ko tsakuwa ke huda shi bai sani ba ke nan. Ya hana shi tafiya ba takalmi ko da a tsakar gida, ya ce a riƙa duba tafin kullum, kuma in aka ga ja yana hawa sama, ko wari, ko yatsan ya fara baƙi, ko zazzaɓi, kada a jira ranar kasuwa, a ɗauko shi ko a amalanke ne zuwa bakin titi. Jin labarin mararraba kuma ya sa ya sauya masa tsarin ƙwayoyin. Ya ambaci wani gwaji, HbA1c, da ke nuna yadda suga ya kasance cikin wata biyu zuwa uku kuma ba ya bukatar a zo da yunwa, sai dai ya fi tsada kuma ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba.

Da ya ɗauki biro zai rubuta ranar dawowa ya ce, "Bayan wata ɗaya."

Na ce, "Likita, a taimaka a sa mana Alhamis. Ranar ce kaɗai muke da mota."

Ya ɗago ya dube ni, ya buɗe kalanda ya ƙirga mako huɗu. Wannan 'yar magana ta fi duk abin da na yi a tafiyar amfani. Wata ɗaya a kalanda yawanci kwana 30 ne ko 31, kuma in ka zo Alhamis aka ce ka dawo rana mai kamar ta yau a wata mai zuwa, Asabar ko Lahadi za ta faɗa in watan mai 30 ne ko 31. Mako huɗu kwana 28 ne, ranar dawowa Alhamis za ta sake faɗawa, maganin kwana 30 kuma zai kai shi har da rarar kwana biyu. Wanda bai yi wannan lissafi ba, ko dai ya zo kafin ranarsa, ko ya jira Alhamis ta gaba maganinsa ya yanke kwanaki. Da yawa daga waɗanda ake cewa ba sa bin ƙa'idar asibiti, ranar da aka rubuta musu ce babu mota.

Game da awon yunwa, shawarar da likitan ya bayar ita ce a daina ɗauko Baffa da cikinsa wayam. A auna shi a ƙauye da 'yar na'urar hannu da safe, kwana biyu ko uku kafin tafiya, malamin asibiti ya rubuta lambobin da ranakunsu a takarda. Ranar Alhamis ya karya, ya sha maganinsa, ya zuba dabino a aljihu, ya hau mota. Jinin ba sai ya yi tafiya ba, takarda ta isa. Na sayi na'urar da kwalin tsinkayenta a wani kemis kafin mu bar gari, na duba ranar lalacewarsu a jikin kwalin, domin tsinken da ya wuce lokacinsa ko ya sha zafi lambar ƙarya yake bayarwa.

Komawa ta zo da sauƙi, in aka kwatanta. Bayan la'asar muna mararraba. Wayar direba ba ta shiga, ta yaron mota ta shiga, ya ce suna ɗaure kaya. Sai dab da magariba suka iso, mutane har kan buhuna, amma gidan gaba yana nan an ajiye mana. Matar nan mai goyo ba mu gan ta ba. Yaron mota ya ce ta aiko an ba su gado. Wasu mutum uku da ba su kama wuri ba muka bari a tsaye suna ciniki da 'yan acaɓa, waɗanda kuɗinsu kan tashi da zarar rana ta faɗi kuma motar ƙarshe ta wuce.

Akwai tsarin da aka yi da ƙungiyar direbobi ta ƙasa a jihohi irin su Jigawa, Katsina, Yobe da Zamfara, inda aka horar da direbobin haya su riƙa kai mata masu naƙuda asibiti cikin gaggawa, a saka musu da ba su lodi ba tare da bin layi ba a tasha. Tsari ne mai kyau, domin ya yi amfani da motocin da ke ƙasa maimakon jiran motar asibiti. Amma na masu haihuwa ne. Mai suga, mai hawan jini, mai sikila, mai tarin fuka, waɗanda ciwonsu ke bukatar zuwa a kai a kai, motar kasuwa ce tasu, kuma ba na ganin hakan zai sauya nan kusa.

Don haka roƙona bai kai na kwalta ba. Ma'aikatan manyan asibitoci, kafin ku rubuta wa mutumin ƙauye ranar dawowa, ku tambaye shi yaushe mota ke fitowa daga garinsu, ku ƙirga masa da mako. Hukumomin lafiya a matakin farko kuma su ajiye na'urar awon suga da tsinkayenta a asibitocin sha-ka-tafi, su riƙa sabunta su, don kada a sake ɗora dattijo mai ciwon suga a akori-kura bai karya ba.